Yadda ake gane sa hannu da hatimin da aka liƙa a takardar da aka yi wa sikanin

Ɗauki biro da farar takarda ka sa hannunka sau biyar a jere, yadda ka saba, ba tare da ka tsaya kana tsarawa ba. Yanke biyu daga ciki, ka ɗora ɗaya kan ɗaya, ka ɗaga su a jikin taga. Za ka ga sun yi kama kamar wa da ƙani, amma ba za su hau juna ba. Idan harafin farko ya daidaita, wutsiyar ƙarshe za ta zame. Idan ka gyara wutsiyar, lanƙwasar tsakiya ta kauce. Hannun ɗan Adam ba ya maimaita kansa, ko da mutum ya shekara arba'in yana sa hannu iri ɗaya. Saboda haka duk lokacin da ka ga sa hannu biyu a takardu biyu sun hau juna tsaf, layi kan layi, ɗigo kan ɗigo, to ba sau biyu aka sa hannun ba. Sau ɗaya aka sa, aka kwafe shi.

Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Bauchi, ta wajen Wunti, kuma irin wannan aikin yakan zo mini ne daga masu sayen fili. Zan bi matakan da wata takarda da kawuna ya kawo mini, domin a kanta ne na ga komai ya fito a fili.

Kawu yana son sayen fuloti a bayan gari. Dillalin ya turo masa hoton takardar ciniki da ke nuna wai mai filin na yanzu ya saya daga magadan gonar shekaru huɗu da suka wuce, ga sa hannun mai saye, ga na mai sayarwa, ga na shaidu, a ƙasa kuma ga sa hannun mai unguwa da hatiminsa. Kawu ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, duba mini wannan, raina bai kwanta ba. Na ce a kawo mini asalin takardar, yau sati biyu ana ce mini mai filin yana Abuja." Na ce, "Kawu, da ita kaɗai ba zan iya gaya muku komai mai ƙarfi ba. Sai mun samo mata abokiya."

Fara da samun hoton da bai lalace ba

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara bincike a kan hoton da ya bi ta waya uku. Idan aka tura takarda a WhatsApp a matsayin hoto, manhajar takan ƙanƙantar da ita, yawanci tsawonta ya dawo wajen ɗigo 1600. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, ka ga kowace milimita ta samu ɗigo biyar da 'yan kai ke nan. Layin biro kuwa bai cika kai rabin milimita a kauri ba, sai ya zama ɗigo biyu kacal. A ɗigo biyu ba za ka ga inda biro ya yi tsalle ko inda tawada ta taru ba, alhali su ne abin da kake nema. Idan kuwa an yi sikanin a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, takardar takan fito da ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, layin biro ya samu ɗigo huɗu zuwa shida. Nan ne ake iya aiki.

Don haka ka ce wa wanda ya turo ya sake turowa ta `Document`, ba ta hoto ba, kuma ainihin fayil ɗin da ke hannunsa, kada ya ɗauki hoton allon wayarsa. Ba sai ka gaya masa dalili ba. Ka ce rubutun ne bai fita sosai. Dillalin Kawu bai kawo komai a ransa ba, ya turo PDF. Da zarar ya shigo, ka ajiye kwafi ɗaya da ba za ka taɓa ba, ka yi aikinka a kan wani kwafin. Idan magana ta girma, wancan na farkon za a nema.

Nemo takardun da za ka kwatanta da su

Wannan ne mataki mafi wahala, kuma babu kwamfuta a cikinsa. Mai liƙa sa hannu dole ya yanko shi daga wata takardar gaskiya da ta taɓa shiga hannunsa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wace takarda mai sa hannun wannan mutumin ce ta taɓa bi ta hannun wanda ya kawo mini wannan? A harkar fili amsar takan kasance kusa, wato takardun maƙwabtan filin. A takardar ɗaukar aiki kuma, ka nemi sauran waɗanda mutum ɗaya ya ba takarda, domin mai wannan sana'a da wuya ya wahalar da kansa neman sa hannu na biyu. Guda ɗayan da ya samu shi yake bugawa kowa.

Kawu ya tuna cewa abokinsa da ya nuna masa wurin yana da fuloti a layin, kuma ta hannun dillalin nan ya saya. Muka karɓo asalin takardarsa. Muka kuma samo ta wani mutum na uku a unguwar, wanda bai taɓa hulɗa da dillalin ba. Ta ukun nan tana da amfani ƙwarai, kada ka raina ta. Ita ce ma'auninka. Idan ka kwatanta takardun gaskiya biyu da juna, za ka ga iya yadda hannun mutumin yake sauyawa tsakanin yau da gobe, sai idonka ya san me ake nufi da kama, me ake nufi da abu ɗaya. Wanda bai yi wannan ba yakan ga sa hannu biyu masu kama sosai ya yi ihun an yi jabu, alhali mai unguwar ne kawai yake da tsayayyen hannu.

Na yi wa takardun biyu sikanin da launi a 600 dpi, a injin shago, ba da waya ba. Kada ka zaɓi baƙi da fari zalla, kuma idan dole sai da waya za ka ɗauka, ka kashe duk abin da ke faranta takarda ya goge mata datti, domin tare da dattin yake goge shaida.

Kalli layin kansa kafin ka ɗora komai

Buɗe takardun gefe da gefe, ka zuƙo sa hannun zuwa kashi 400. Ka manta da siffar gaba ɗaya, domin siffa dole ta yi kama tunda mutum ɗaya ake magana. Abin da kake farauta shi ne hatsarin alƙalami, wato ƙananan abubuwan da suka faru sau ɗaya a wannan ranar, da wannan biron, a kan wannan teburin. Biro yakan fara a bushe, sai farkon layi ya fito da ɗan fari kafin tawada ta sauko. Yakan tara tawada a bakinsa ya ajiye ta dunƙule bayan ya sha kwana. Yakan yi tsalle ya bar giɓi idan takarda ta ɗan yi maiƙo ko akwai ƙwayar yashi a ƙarƙashinta. A ƙarshe kuma, inda hannu ya ɗaga da sauri, layin yakan sirance ya bar jela. Mutum zai iya samun al'adar da dunƙulen tawada ke yawan fito masa a kwana ɗaya, amma girmansa da ainihin inda ya zauna ba za su zama ɗaya ba.

Zaɓi irin waɗannan guda biyar ko shida a takardar da kake zargi, ka rubuta su a gefe, sannan ka neme su a sauran. A ta Kawu na ga giɓi biyu a jere a saukowar harafin farko, na sama ya fi na ƙasa tsawo. Na ga dunƙulen tawada a ƙasan lanƙwasa ta uku. Na ga layin da mai unguwa yake ja a ƙarƙashin sunansa ya rabu biyu a jela, kamar bakin biron ya karkace. A takardar mutum na uku babu ko ɗaya: harafin farko a cike yake, jelar guda ce, ta ma fi tsawo. A takardar abokin Kawu kuwa duk suna nan, giɓi biyu, dunƙule, jela mai reshe, kowanne a mazauninsa.

Wannan dabara ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A wata shari'ar gado a Amurka da aka yanke a 1868, kan wasiyyar Sylvia Ann Howland, masanin lissafi Benjamin Peirce da ɗansa Charles sun bi layukan da ke saukowa ƙasa a sa hannun matar, guda 30. An kwatanta sa hannunta na gaskiya 42, kowanne da kowanne, aka ga kusan layi ɗaya cikin biyar ne ke dacewa. Amma sa hannun da ake jayayya a kansa ya hau wani na gaskiya a duka 30 ɗin. A can zargin shi ne an ɗora takarda an bi sahu da hannu, kuma kotu ta yanke hukuncinta ne a kan wani dalili daban, amma tunanin shi ne dai wanda muke amfani da shi yau.

Ɗora su kan juna

Hanya mafi sauƙi ita ce ta taga. Buga takardun biyu a firinta ɗaya, a girma ɗaya, ka haɗa su ka manna a gilashin taga da rana, ko ka ɗora su kan allon waya da ka ƙure wa haske. Ka tsayar da farkon sa hannun da yatsa, ka juya ta saman a hankali har ƙarshen ya hau. Idan kwafi ne kuma ba a taɓa girmansa ba, za ka ga layukan biyu sun zama ɗaya farat ɗaya.

A namu ba su hau ba, kuma nan ne mutane da yawa suke sallamawa su ce ai daban ne. Sa hannun da ke takardar dillali ya fi girma. Sai na ɗauko rula. A takardar abokin Kawu faɗin sa hannun milimita 46 ne, tsayinsa 15, daga farkon harafin farko zuwa dunƙulen tawada kuma 31. A ta dillali 52 ne, da 17, da 35. Raba kowanne da ɗan'uwansa: 52 a raba da 46, 17 a raba da 15, 35 a raba da 31, duk suna ba ka 1.13. Mutum yakan sa hannu babba yau ƙarami gobe, amma ba ya ƙara wa kowane sashe kashi 13 cikin ɗari daidai wa daida. Linzamin kwamfuta ne ke yin haka, idan aka kama kusurwar hoto aka ja.

Don a tabbatar, sai a koma GIMP, manhajar gyaran hoto ce kyauta. Buɗe takardar gaskiyar ta `File > Open`. Sannan ka shigo da wadda kake zargi ta `File > Open as Layers`, za ta hau kan ta farko kamar falle a kan falle. Idan PDF ce za a tambaye ka `Resolution`, ka sa 300 ko fiye. Rage `Opacity` na fallen sama zuwa 50 domin ka riƙa ganin na ƙasa ta cikinsa. Yanzu ɗauko `Handle Transform`, yana ƙarƙashin `Tools > Transform Tools`. Danna a farkon harafin farko na fallen sama ka ja shi ya hau farkon na ƙasa. Sai ka danna a ƙarshen jelar ka ja ta ta hau jelar ƙasa. Da waɗannan maki biyu manhajar za ta juya hoton ta kuma daidaita girmansa gaba ɗaya, ba tare da ta lanƙwasa shi ba.

A nan akwai tarko. Manhajar za ta bar ka ka ƙara maki na uku da na huɗu, kuma da su kana iya miƙa hoto ta gefe ɗaya ko ka karkata shi. Maki na uku yana da hujja idan mai liƙawar ya ja hoton ta faɗi kawai, abin da za ka gane idan hatimi mai da'ira ya koma kamar ƙwai. Na huɗu yana da hujja idan da waya aka ɗauki takardar a karkace. Amma ka sani, iya yawan makin da ka ƙara, iya yadda kake tilasta wa abubuwa biyu su yi kama. Ni dai idan maki biyu ba su wadatar ba, nakan rage ƙarfin maganar da zan faɗa. Abin da ke da nauyi shi ne ka tsayar da farko da ƙarshe kawai, sai tsakiyar da ba ka taɓa ba ta faɗa wurinta da kanta.

Bayan ka daidaita, mayar da `Opacity` zuwa 100, ka canza `Mode` na fallen sama zuwa `Difference`. Abin da wannan ke yi shi ne cire hoto ɗaya daga ɗaya: inda suka zama iri ɗaya sai wurin ya yi baƙi, inda suka bambanta ya yi haske. Idan sa hannu biyu ne na gaskiya za ka ga layuka masu haske bibbiyu suna saɓa wa juna kamar igiyar da aka tufka. Idan kwafi ne, sa hannun zai kusan ɓacewa cikin duhu, sai ɗan siririn haske a gefen layukan, wanda bambancin inji da matsewar hoto ke kawowa. Kada ka jira baƙi ƙirin. Ba a samunsa sai fayil ɗaya ne aka kwafa kai tsaye. Na fara yi wa takardun gaskiya biyun, Kawu na tsaye a bayana, allo ya cika da zare-zare. Da na ɗora ta dillali kan ta abokinsa, sai sa hannun ya nutse. Kawu ya ce, "Ina ya tafi?" Na ce, "Ai shi ke nan, Kawu, guda ɗaya ne."

Hatimi ba kamar sa hannu ba ne

A nan ne masu gaggawa suke faɗuwa. Hatimi roba ce da aka sassaƙa, aikinsa ke nan ya fito iri ɗaya kullum. Idan da'ira ta hau da'ira, haruffa suka hau haruffa, ba ka gano komai ba. Hatta lahani na iya maimaituwa a bisa gaskiya: idan robar ta ɓantare a gefe ko wani harafi ya cinye, duk takardar da aka buga bayan nan za ta fito da wannan tabon. A takardun mai unguwar duka ukun akwai ɗan yankewa a da'irar waje ta ɓangaren dama. Wannan na hatimin ne, ba na mai jabu ba.

Abin da ba ya maimaituwa shi ne yadda tawada ta kwanta a bugu ɗaya. Yau an danna ɓangaren hagu ya fi nauyi, gobe na dama. Yau abin tawadar ya jiƙe har haruffa sun cushe, gobe ya bushe sun fito da farin ɗigo-ɗigo. Wani lokaci hannu ya ɗan motsa, hatimin ya fito da inuwa. Kusurwar da aka buga shi ma tana sauyawa, haka nisansa da layin da aka buga na sa hannu. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce idan kana da takardar nan ta uku: duk tabon da ya fito a dukkan takardun gaskiya na robar ne, ka ajiye shi gefe. Wanda ya fito a takarda ɗaya tak ta gaskiya, sannan ya sake fitowa a wadda kake zargi, shi ne shaidarka. A ta abokin Kawu ƙasan hatimin ya dushe ta hagu, kuma wani harafi ya cika da tawada har cikinsa ya toshe. Haka yake a ta dillali, ba haka yake a ta mutum na uku ba.

Sai girma. Roba ba ta girma. Hatimin mai unguwa milimita 38 ne a takardun gaskiya biyun, a ta dillali kuwa 43, wato dai 1.13 ɗin nan. Kafin ka dogara da wannan, ka tabbatar shafin kansa ba a faɗaɗa shi ba: auna faɗin takardar a hoton, idan A4 ce ya kamata ya yi daidai da milimita 210. Idan shafin duka ne aka ƙara wa girma wajen sikanin, to ba laifin hatimi ba ne.

Abin da ya fi komai ƙarfi shi ne inda sa hannu da hatimi suka haɗu. Masu unguwa da ma'aikatan ofis sukan buga hatimi a kan sa hannu ko su sa hannu a cikin hatimi, don haka mai yankowa ba ya iya raba su, tare yake ɗauko su. Duba ta wane harafin hatimi layin biro ya shiga, ta wanne ya fita. A ce mutum ya sa hannu iri ɗaya, ya kuma buga hatimi a wuri ɗaya da kusurwa ɗaya har layin ya ratsa harafi ɗaya a takardu biyu da ke da shekara tsakaninsu, wannan ba ya faruwa.

Abin da ya biyo shi daga tsohon gida

Mai yanka yakan kwaso abin da bai yi niyya ba. Kalli kewayen sa hannun: guntun layin ɗigo-ɗigo da aka sa hannu a kansa a tsohuwar takarda, wutsiyar wani harafi daga rubutun da ke sama, sawun ninki, tabon yatsa. A ta dillali akwai wani ɗan baƙin ƙugiya a saman hatimin da ba shi da uwa ba shi da uba. A takardar abokin Kawu, daidai wurin, wutsiyar harafin y ce daga layin da aka buga a sama.

Farin takarda ma ba iri ɗaya ba ne. A GIMP, shiga `Colors > Levels`, ka ja ɗan alwatikan baƙi na `Input Levels` zuwa dama, wajen 220. Duk abin da ido ke gani fari zai rarrabu, kuma idan an liƙa hoto da bayansa za ka ga akwati mai kusurwa huɗu ya fito a kewayen sa hannun, ya fi sauran shafin haske ko duhu. Wanda ya iya aiki yakan cire bayan, don haka rashin akwati ba wanke takarda ba ne.

Idan PDF aka turo maka, akwai ƙaramin umarni daga kayan aikin Poppler da ke lissafo hotunan da ke cikin fayil:

```
pdfimages -list takarda.pdf
pdfimages -png takarda.pdf hoto
```

Takardar da aka yi wa sikanin sau ɗaya yawanci hoto ɗaya ce babba a kowane shafi. Idan ka ga ƙaramin hoto daban, da `x-ppi` ɗinsa, wato yawan ɗigonsa a kowane inci, ya saɓa wa na shafin, wani lokaci da layin `smask` a ƙarƙashinsa, wato abin da ke ɓoye bayan hoton, sai ka fitar da shi da umarni na biyu ka gani. Sau da yawa sa hannun ne zai fito shi kaɗai tsirara. Amma a yi hattara, wasu injinan ofis da kansu suke yayyanka shafi gida-gida don rage nauyin fayil. Akwai ma salon matsewa mai suna JBIG2 da ke ɗaukar haruffa masu kama ya maye su da hoto ɗaya, abin da a 2013 aka gano yana sauya lambobi a wasu injinan Xerox. Don haka idan haruffa biyu a cikin hatimi ɗaya sun fito iri ɗaya sak, yana iya zama aikin inji. A ta dillali wannan matakin bai ba ni komai ba, hoto ɗaya ne, domin ya buga takardar ne bayan ya liƙa, sannan ya sake yi mata sikanin. Wannan wayon yana ɓatar da sawun cikin fayil, amma bai taɓa giɓin biro da dunƙulen tawada ba.

Iya abin da za ka iya faɗa

Abin da ka tabbatar shi ne sa hannun nan kwafi ne. Ba ka tabbatar da wanda ya liƙa ba, ba ka kuma tabbatar an yi ba da izini ba. Ofisoshi da makarantu da yawa suna ajiye hoton sa hannun shugaba suna buga shi a ɗaruruwan takardu da saninsa, wasu ma suna da hatimin da aka sassaƙa da siffar sa hannun. Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta san da sa hannu na lantarki. Don haka takardun shiga makaranta biyu masu sa hannu ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne su kaɗai. Abin tambaya shi ne, a wannan wurin yaya aka saba yi? Takardar mutum na uku ta riga ta amsa mana: wannan mai unguwar da biro yake sa hannu, takarda bayan takarda. Haka kuma daidaituwa ba ta gaya maka wacce ce uwa wacce ce 'ya. Mun san ta abokin Kawu ce uwa domin asalinta na hannunmu, idan ka juya bayanta ka shafa za ka ji sawun da biro ya danna, tawadar hatimin ma ta ɗan ratso.

Ta ɗaya ɓangaren, idan ba ka samu wadda ta hau ba, ba ka wanke takardar ba. Wataƙila daga wata takardar da ba ka gani ba aka yanko, ko kuma da hannu aka kwaikwaya, wanda wannan hanya ba ta kama shi. Idan kuma magana za ta je kotu, aikinka na shago bai maye gurbin ƙwararren mai binciken takardu ba, shi kuma asalin takarda zai nema.

Na buga wa Kawu shafi ɗaya mai hotuna uku a jere, na zagaye wurare shida da jan biro, na ce kada ya kira dillalin tukuna. Washegari bayan la'asar muka je ƙofar gidan mai unguwa. Kawu ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wata takarda muka kawo ka duba mana, ko a gabanka aka yi wannan cinikin." Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce sa hannun nasa ne, hatimin ma nasa ne, amma bai san mai sayen ba. Ya aika yaro ya ɗauko littafin da yake rubuta cinikin filaye, ya buɗe shekarar da ke jikin takardar, ya bi da yatsa wata bayan wata. Cinikin abokin Kawu yana nan a shekarar da ta gabace ta, da sunayen shaidu. Na wannan fulotin babu shi. Ya rufe littafin ya ce a bar masa shafin da na buga, zai aika a kira magadan gonar.